Agogon barci a wayar salula: yadda ake kwana da kiɗa ba tare da an wayi gari babu caji ko data ba

Mutane da dama ba sa iya runtsawa sai da wani sauti a kunne. Wani waƙar Mamman Shata ko ta Musa Ɗanƙwairo yake sakawa, wani waƙoƙin zamani, wani kuma labarai ko karatu. Matsalar ita ce barci yana ɗauke mutum cikin 'yan mintoci, amma wayar ba ta san ya yi barci ba. Haka za ta ci gaba da rera waƙa har asuba, tana jawo data tana cin batir. A garin da wutar lantarki ke zuwa tana ɗaukewa, ko inda sai an kai waya wurin masu caji an biya kuɗi, wayewar gari da mataccen batir yana nufin rasa kiran abokin ciniki ko kasa karɓar kuɗin da aka turo ta waya.

Maganin wannan yana cikin wayar tun asali. Ana kiran sa agogon barci, kuma a kan fuskar waya ana ganin sa da sunan `Sleep timer` idan harshen wayar Ingilishi ne. Idan Faransanci ne, sunan yana bambanta daga manhaja zuwa manhaja, amma akasari yana ɗauke da kalmar `minuteur` ko `veille`.

## Abin da agogon yake yi da abin da ba ya yi

Agogon barci ƙidayar lokaci ce da ke tafiya da baya. Mai waya zai zaɓi, alal misali, minti 30. Idan lokacin ya cika, manhajar za ta dakatar da kiɗan, kamar dai an danna madannin tsayarwa da hannu. Wasu manhajojin suna rage ƙarar sauti a hankali kafin su tsaya, don kada shirun da ya zo kwatsam ya tashi mai barci.

Tsayawar kiɗan tana jawo abubuwa biyu. Na farko, manhajar ta daina jawo sabbin waƙoƙi daga intanet. Na biyu, wayar ta sami damar hutawa. Muddin kiɗa na tashi, manhajar tana riƙe da injin wayar a farke ko da fuskar tana kashe. Da zarar ta saki, Android yana da wani tsari mai suna Doze, wanda ya zo tun Android 6.0 a shekarar 2015, da ke sa wayar da ke ajiye ba motsi, fuskarta a kashe kuma ba a kan caji ba, ta taƙaita ayyukan manhajoji ta rage amfani da intanet. Nan ne ainihin tanadin batir yake.

Sai dai agogon yana da iyaka. Ba ya kashe data, ba ya kashe bulutut, ba ya rufe sauran manhajoji. WhatsApp zai ci gaba da sauke hotuna da bidiyon da ake turowa cikin zauruka idan an bar masa wannan izini. Haka nan a yawancin manhajoji agogon na dare ɗaya ne: idan ya cika ya gama aikinsa, gobe sai an sake saita shi.

## Inda ake samun sa

A Spotify, wanda ya fara aiki a ƙasashe irin su Nijar, Kamaru, Chadi, Benin, Ghana da Najeriya a shekarar 2021, ana buɗe waƙar da ke tashi ta cika fuska, a danna ɗigo uku da ke sama, a zaɓi `Sleep timer`. Zaɓin da ake bayarwa shi ne minti 5, 10, 15, 30, 45, awa ɗaya, ko ƙarshen waƙar da ake ji.

A YouTube, agogon ya isa ga kowa da kowa a watan Oktoban 2024. Ana taɓa bidiyon, a danna alamar saiti mai kama da haƙoran inji, a nemi `Sleep timer`. Lokutan suna farawa daga minti 10 zuwa awa ɗaya, akwai kuma zaɓin ƙarshen bidiyo.

Boomplay, wanda ke zuwa a cikin yawancin wayoyin Tecno, Infinix da itel, yana da nasa agogon, haka ma Audiomack. Ga wanda waƙoƙinsa ke cikin memori, manhajar VLC tana da shi a jerin zaɓuɓɓukan da ke fitowa yayin da sauti ke tashi. Wurin da madannin yake yana sauyawa idan an sabunta manhaja, don haka abin da za a riƙe shi ne wurare biyu: ɗigo ukun da ke shafin waƙa, da shafin saiti na manhajar.

Wayar iPhone tana da hanya guda da ke aiki a kan kowace manhajar kiɗa ko bidiyo. Ana buɗe `Clock`, wato `Horloge` a Faransanci, a shiga `Timers` ko `Minuteur`, a saka lokaci. A wurin zaɓen ƙarar da za ta tashi idan lokaci ya cika, sai a gangara can ƙasa a zaɓi `Stop Playing`, ko `Arrêter la lecture`. Idan lokacin ya yi, sauti zai tsaya kuma wayar za ta kulle fuskarta. Akwai abin lura a nan: wayar tana riƙe wannan zaɓi. Wanda ya saita agogon washegari don tuna masa da tukunyar da ke kan wuta ba zai ji ƙara ba, sai ya mayar da zaɓin zuwa sauti.

Android ba shi da irin wannan agogo na bai ɗaya a dukkan wayoyi. Abin da ya fi kusa da shi a wayoyi da dama, ciki har da na Tecno da itel, shi ne tsarin da ke kashe wayar gaba ɗaya a wani lokaci ya kunna ta a wani, wanda ake gani a saiti da suna irin `Schedule power on/off`. Yana tsayar da komai, amma yana hana kira shigowa, kuma ba kowace waya ce ke iya buga ƙararrawar asuba tana kashe ba. Wanda zai yi amfani da shi gara ya saita wayar ta kunna kanta kafin lokacin ƙararrawar.

## Lissafin data

Yawan datar da kiɗa ke ci ya dogara ne da abu biyu: ingancin sautin da tsawon lokacin sauraro. Ana auna ingancin da adadin kilobit a daƙiƙa ɗaya, wanda ake rubutawa `kbps`. Lissafin mai sauƙi ne, domin awa ɗaya daƙiƙa 3,600 ce, kuma bit 8 ne ke yin bait ɗaya:

```
MB/awa = kbps × 3600 ÷ 8 ÷ 1000
```

A taƙaice, ana ninka adadin `kbps` da 0.45. Masu wayar Faransanci za su ga `Mo` a maimakon `MB`, da `Go` a maimakon `GB`, amma ma'auni ɗaya ne.

Spotify yana da matakan da suka dace da misali. Matakin ƙasa kusan kilobit 24 ne, wato kimanin megabait 11 a awa. Matakin matsakaici kilobit 96 ne, kimanin megabait 43 a awa. Matakin sama kilobit 160 ne, megabait 72 a awa. Na sama da wannan, wanda masu biyan kuɗin wata ke samu, kilobit 320 ne, megabait 144 a awa. Idan sautin yana fitowa ne ta ƙaramar lasifikar waya, da ƙarar da aka rage don barci, kunne ba zai bambance matsakaici da na sama ba. Ƙarin datar asara ce kawai.

Bidiyo wani abu ne daban. Hoto mai matsakaicin kyau yakan kai kilobit 1,000 a daƙiƙa, wato megabait 450 a awa, fiye da ninki goma na sauti matsakaici. Mai barci idonsa a rufe yake, amma yana biyan kuɗin hoton. Ga wanda ba ya biyan kuɗin wata a YouTube, manhajar ba ta barin sauti ya ci gaba idan an kashe fuskar waya, don haka dole fuskar ta kasance a kunne. Ke nan YouTube yana cin data da batir a lokaci guda. Idan babu makawa sai shi, a rage ingancin hoton zuwa `144p`, a rage hasken fuska, sannan a saita agogo.

YouTube yana daina saka bidiyo na gaba da kansa idan an daɗe ba a taɓa wayar ba. Amma wannan kariya ba ta shafi bidiyo ɗaya mai tsawo ba. Bidiyon da aka yi don barci, irin na sautin ruwan sama ko haɗin waƙoƙi na awa takwas ko goma, suna iya tafiya har safe.

## Abin da ke cin batir

Fitar da sauti shi kaɗai ba ya cin batir sosai. Manyan masu ci su ne fuskar waya da kuma sashen da ke magana da turken sadarwa. Alƙaluman da kamfanin Apple ya bayar game da iPhone 15 sun nuna girman bambancin: har awa 80 na sauraron sauti, awa 20 na kallon bidiyon da ke cikin waya, awa 16 na bidiyon da ake jawowa daga intanet. Idan aka raba, sauti yana cin kusan kashi 1.25 cikin ɗari a awa, bidiyon intanet kuma kusan kashi 6.25. A daren awa bakwai, na farko zai ci kimanin kashi 9, na biyu kimanin kashi 44. Waɗannan alƙaluma na sabuwar waya ce a gwajin kamfani. Wayar da ta shekara biyu ko uku a ƙasar zafi, batirinta ya riga ya rage ƙarfi, za ta ci fiye da haka, amma tazarar da ke tsakanin sauti da bidiyo tana nan.

Ƙarfin sabis, wanda a ƙasashen Faransanci ake cewa rezo, yana da tasiri babba. Idan sanda ɗaya ko biyu ce kawai ke nunawa, wayar tana ƙara ƙarfin aika saƙonta don turke ya ji ta, kuma sauke waƙa ɗaya yana ɗaukar lokaci mai tsawo. Shi ya sa sauraron kiɗa ta intanet a cikin ɗaki mai kaurin bango, ko a ƙauyen da ke nesa da turke, yake sa waya ɗumi. Waya mai layi biyu tana neman sabis biyu, kuma idan ɗaya layin na wata ƙasa ne da ba ya kamawa da kyau, neman da take yi masa duk dare ƙarin nauyi ne.

Daga nan ake gane cewa agogon barci rabin magani ne. Yana rage tsawon lokacin da ake kashe data da batir. Sauran rabin shi ne a sauke waƙoƙin tun da rana, domin waƙar da ke cikin waya ba ta buƙatar data ko kaɗan, ko sau nawa aka saurare ta.

## Misali daga farko zuwa ƙarshe

A ɗauki wani ɗan kasuwa a Garwa, mai wayar Android, wanda ke sayen datar gigabait 1, wato kusan megabait 1,000. Yana kwanciya ƙarfe 10 na dare ya tashi ƙarfe 5 na asuba, yana kuma barin kiɗa yana tashi ta intanet a matakin kilobit 160.

Ba tare da agogo ba, awa bakwai sau megabait 72 ya kama megabait 504. Dare biyu sun ishe shi cinye datar, alhali abin da ya ji da kunnensa bai wuce minti 20 a kowane dare ba.

Idan ya saita agogo a kan minti 30, abin da zai kashe ya koma megabait 36 a dare, wato megabait 1,080 a kwana 30. Ragin yana da yawa, amma har yanzu kiɗan barci kaɗai yana cinye masa fiye da gigabait guda a wata. Idan ya sauko da inganci zuwa kilobit 96, dare ɗaya zai zama megabait 21.6, wata kuma megabait 648.

Mataki na uku shi ne saukewa. Waƙa mai minti huɗu a kilobit 128 tana da nauyin kusan megabait 3.8. Waƙoƙi 30 irin wannan za su kama kimanin megabait 115, kuma sun kai awa biyu na sauraro. Sau ɗaya zai biya wannan. Daga nan duk daren da ya saurare su, da datarsa a kashe, ba zai kashe ko megabait ɗaya ba.

Tsarin da zai bi kowane dare shi ne kamar haka:

1. Ya kashe data, ko ya sa manhajar a yanayin da ba ta taɓa intanet, wanda ake gani da sunan `Offline` ko `Hors connexion`.
2. Ya buɗe jerin waƙoƙin da ya sauke, ya tabbatar suna tashi bayan an kashe datar.
3. Ya saita agogo a kan minti 30, ya ga alamar da ke nuna ƙidayar ta fara.
4. Ya rage ƙara, ya kashe fuskar waya, ya ajiye ta a kan tebur ko tabarma.

Dalilin zaɓen minti 30 shi ne, babban mutum mai lafiya yakan yi barci cikin minti 10 zuwa 20 bayan kwanciya. Minti 30 ya ba da rata. Wanda ya ga kullum kiɗan yana tsayawa yana farke sai ya ƙara zuwa 45. Wanda kuma ba ya tuna waƙa ta uku da safe yana iya ragewa zuwa 15.

Game da saukewa akwai bambanci tsakanin manhajoji. A Spotify, sai mai biyan kuɗin wata ne ke iya sauke waƙoƙi. Boomplay da Audiomack suna barin a sauke wasu waƙoƙin kyauta, wasu kuma sai an biya. Fayilolin da ke cikin memori, irin waɗanda ake saya ko ake turawa daga waya zuwa waya, ba su da wannan sharaɗi, kuma kowace manhajar sauti mai agogo za ta iya rera su.

## Inda abin ke lalacewa, da yadda ake ganewa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar waƙar da aka taɓa saurara a matsayin wadda aka sauke. Manhajoji suna ajiye wasu waƙoƙi na ɗan lokaci a wata ma'ajiya ta wucin gadi, kuma suna share su idan wuri ya cika. Yau waƙar za ta tashi ba data, gobe ta koma jawowa daga intanet. Gwajin yana da sauƙi: a kashe data da rana a buɗe jerin. Waƙar da aka sauke da gaske za ta tashi, wadda ba a sauke ba za ta dushe ko ta ƙi buɗewa.

Na biyu shi ne jerin da ya ƙare kafin agogo. Idan waƙoƙin da aka sauke sun ƙare, data kuma a kunne take, manhajar tana iya ci gaba da kawo wasu waƙoƙin makamanta daga intanet. Ana kashe wannan a saiti, inda aka rubuta `Autoplay` ko `Lecture automatique`.

Na uku shi ne zaɓin ƙarshen waƙa. Yana da amfani ga waƙa mai minti biyar. Amma tsofaffin waƙoƙin makaɗan gargajiya sau da yawa ana haɗa su cikin fayil ɗaya mai tsawon awa guda ko fiye, haka ma wa'azi da shirye-shiryen rediyo. A irin wannan, ƙarshen waƙa yana iya zama tsakiyar dare. Gara a duba tsawon fayil ɗin, ko a zaɓi mintoci.

Na huɗu ya shafi manhajojin agogo da ake saukewa daban don tsayar da wata manhajar. Suna aiki ne ta hanyar aika wa manhajar kiɗa umarnin tsayawa idan lokaci ya cika. Amma wayoyi da yawa suna kashe manhajojin da ke zaune a baya don tanadin batir. Idan waya ta kashe agogon kafin lokacinsa, babu wanda zai tsayar da kiɗan. Alamar ita ce agogon yana aiki daidai idan an gwada shi da minti biyu fuska a kunne, amma ya kasa da dare. Gyaran shi ne a shiga saitin batir na wannan manhajar a cire mata takunkumi. Mafi sauƙi dai shi ne amfani da agogon da ke cikin manhajar kiɗan kanta, domin shi ba ya mutuwa sai tare da kiɗan.

Na biyar shi ne lasifikar bulutut. Agogon wayar yana tsayar da sauti, amma lasifikar tana da nata batir. Wasu suna kashe kansu bayan wani lokaci na shiru, wasu suna zama a kunne har safe muddin suna haɗe da waya. Idan kuma an saka memori a jikin lasifikar kai tsaye, wayar ba ta da iko a kanta ko kaɗan, agogonta ba zai tsayar da komai ba.

Hanyar tabbatar da ko tsarin yana aiki ita ce duba lambobi. Kafin kwanciya a rubuta adadin cajin da ke wayar da ragowar data. Da safe a sake dubawa. Waya mai lafiya da ta yi kiɗan rabin awa sannan ta huta bai kamata ta rasa fiye da 'yan kashi kaɗan ba. Idan ta rasa kashi 20 ko 30, a shiga `Settings` ko `Paramètres`, a buɗe sashen batir a ga manhajar da ta fi ci. A sashen data kuma ana ganin abin da kowace manhaja ta kashe. Idan sunan da ke sama WhatsApp ne ko Play Store, to laifin ba na kiɗa ba ne: saukar da bidiyon zauruka ne, ko sabunta manhajoji, ko ajiyar saƙonni da ake yi cikin dare.

## Datar dare da mazauna bakin iyaka

Kamfanonin sadarwa da dama suna sayar da datar dare mai rahusa, wadda ke aiki tsakanin wasu awanni kawai. Ita ce ta fi dacewa da sauke waƙoƙi. Barin kiɗa yana tashi a kanta yana da haɗari, domin idan awanninta suka wuce ko ta ƙare, wasu layukan suna komawa kan datar rana, wasu kuma suna fara cire kuɗin kira kai tsaye, wanda ya fi tsada nesa ba kusa ba. Wanda ya wayi gari ya ga kuɗin layinsa ya ragu alhali bai kira kowa ba, ya fara bincike daga nan.

Mazauna garuruwan da ke fuskantar juna a kan iyaka suna da ƙarin matsala. Kusiri da Njamena kogi ne kawai ya raba su, haka Gaya da Malanbil, kuma Birnin Konni da Illela 'yan kilomitoci ne tsakaninsu. Siginar turke ba ta tsayawa a shingen kwastan. Idan sabis na gida ya yi rauni ko ya ɗauke cikin dare, waya tana iya kama na ƙasar maƙwabta, kuma idan an bar mata izinin amfani da data a waje, kiɗan zai ci gaba a kan farashin da ba na gida ba. Rigakafin shi ne a kashe `Data roaming`, wato `Données en itinérance` ko `Itinérance des données`, a cikin saitin layi. Alamar da ke nuna waya ta tsallaka ita ce harafin `R` kusa da sandunan sabis, ko sunan wani kamfani da ba na layin ba.

Wasu suna sa wayar a yanayin jirgin sama, `Airplane mode` ko `Mode avion`, don rufe wannan ƙofa gaba ɗaya. Shi ne ya fi tanadin batir, waƙoƙin da aka sauke suna tashi, ƙararrawar asuba ma tana bugawa, kuma ana iya sake kunna bulutut a cikinsa. Amma kira da saƙo ba za su shigo ba. Mai iyali a wani gari, ko mai jinyar mara lafiya, ya fi masa ya kashe data kaɗai ya bar layin kira a buɗe.

Rediyon FM da ke cikin wayoyi da yawa ba ya amfani da data ko kaɗan, domin yana kama tashar ne kai tsaye daga iska. Yawanci yana buƙatar a jona abin sauraro mai igiya, wanda ke yi masa aikin eriya. Wasu manhajojin rediyon suna da nasu agogon kashewa. Kada a haɗa shi da manhajojin da ke kawo tashoshin rediyo ta intanet: waɗannan suna cin data kamar kowane kiɗa, kuma da yake shirye-shiryensu ba sa ƙarewa, su ne suka fi buƙatar agogo.

## Kunne da caji

Agogon yana kare kunne ga mai barci da abin sauraro. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce iyakar sauraro mai aminci ga babba ita ce ƙara mai ƙarfin desibel 80 na tsawon awa 40 a mako. Awa bakwai kowane dare sun kai awa 49 a mako, tun ba a ƙidaya na rana ba, yayin da rabin awa a dare awa uku da rabi ce kawai. Kiɗan barci bai kamata ma ya kusanci wannan ƙara ba.

Wanda ya samu wuta da dare yana iya jona wayar a caji yana sauraro, amma kada ya tura ta ƙarƙashin matashin kai ko cikin bargo. Caji yana fitar da zafi, jawo kiɗa ta intanet yana ƙara shi, kuma zafi yana gaggauta tsufan batir. A ajiye ta a wuri mai tauri da iska ke ratsawa. Idan bayan wayar ya fara kumbura ko murfin ya ɗago, a daina cajinta a kai ta wurin mai gyara a sauya batirin.